FASHIN BAƘI: Bambancin adireshin IP da MAC, da abin da ya sa bin sawun 'yan bindiga ta intanet bai da sauƙi

Tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, akwai tambayar da matasa ke maimaitawa duk lokacin da bidiyon 'yan bindiga ya ɓulla a kafafen sada zumunta: me ya hana hukuma bin adireshin wayar da ta ɗora shi? Tambayar ta ƙara nauyi a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, matakin da ya shafi mai laifi da marar laifi.

Amsar tana farawa ne daga sanin cewa waya ba adireshi ɗaya take da shi ba. Wayar da ta hau Wi-Fi tana amfani da adireshi biyu, kuma rawuta, wato na'urar da ke miƙa saƙo daga wannan hanyar sadarwa zuwa waccan, ba ta ɗaukar su da matsayi ɗaya.

Adireshi biyu, aiki biyu

Adireshin MAC yana zuwa ne daga masana'anta, a jikin ɓangaren wayar da ke kama Wi-Fi. Ana rubuta shi gida shida, kamar `3C:5A:B4:12:9F:07`, kuma gidaje ukun farko suna nuna kamfanin da ya ƙera ɓangaren, bisa rabon da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke yi. Ba ya ɗauke da wani bayani kan wurin da wayar take.

Adireshin IP kuwa aro ne. Hanyar sadarwar da waya ta shiga ce ke ba ta shi, kuma yakan sauya idan ta koma wata. An fi sanin samfurin IPv4 mai gida huɗu, kamar `192.168.0.101`. Ana raba shi ne rukuni-rukuni: hukumar AFRINIC da ke Mauritius na bai wa kamfanonin sadarwa na Afirka, su kuma su raba wa masu hulɗa da su. Saboda haka farkon lambar kan nuna hanyar da za a bi a kai saƙo.

Ana iya kwatanta su da aika kaya daga Sabuwa zuwa Katsina. Sunan mai karɓa da ke jikin kwali ba ya sauyawa, shi ne IP. Amma motar da ta kai kayan Funtuwa ba ita ce za ta wuce da su ba. A tasha za a sauke su a ɗora wa wata mai lambarta daban. Lambar motar ita ce MAC, amfaninta zango ɗaya ne.

Abin da rawuta ke yi da kowanne

A ɗauki misalin wani shagon cajin waya a Faskari mai ƙaramar rawuta da ke aiki da layin waya. Wani ya haɗa wayarsa, rawutar ta ba shi `192.168.0.101`, ita kuma tana riƙe da `192.168.0.1`. Yana son ɗora bidiyo a wani dandali.

Wayar za ta duba adireshin IP na dandalin ta ga ba a cikin shagon yake ba, don haka dole saƙon ya bi ta rawuta. Sai ta yi cigiya ga duk na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗin, ta tsarin da ake kira ARP: wa ke da `192.168.0.1`? Rawutar ta amsa da adireshinta na MAC. Daga nan wayar ta naɗe saƙon sau biyu: ciki ɗauke da IP na dandalin, waje ɗauke da MAC na rawutar. Mai kwamfuta zai iya ganin jerin da irin wannan cigiya ke tarawa da wannan umarni:

```
arp -a
```

Da saƙon ya iso, rawutar za ta tabbatar MAC ɗin nata ne, ta yar da naɗin waje, ta karanta IP domin zaɓar hanya, sannan ta yi masa sabon naɗi na zango na gaba. Haka kowace rawuta ke yi har ƙarshen tafiya. Dalilin shi ne, lambobin MAC ba a jere suke bisa wuri ba. Rawutar da za ta yi aiki da su sai ta haddace kowace na'ura a duniya. Da IP kuwa, layi ɗaya a jadawalinta ya wadatar ga dubban adiresoshi.

Ma'anar wannan ita ce, adireshin MAC na waccan waya bai wuce rawutar shagon ba. Dandalin ba ya samun sa daga saƙon. Ko a cikin shagon ma ba lallai ya zama na asali ba, domin tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi ke ƙirƙirar MAC na wucin gadi ga kowane Wi-Fi. Ana gane shi idan alama ta biyu a adireshin ta kasance `2` ko `6` ko `A` ko `E`. Wayar da ke amfani da datar layinta kai tsaye kuwa, ba da MAC take magana da turken sadarwa ba. Kamfani yana sanin ta ne ta lambar layinta da lambar IMEI.

Shi ma IP ba sunan mutum ba ne

Adireshin `192.168.0.101` na cikin gida ne, miliyoyin na'urori na amfani da irinsa. Rawutar shagon za ta musanya shi da nata kafin saƙon ya fita. Kuma da yake adiresoshin IPv4 ba su wuce kusan biliyan 4.3 ba, kamfanonin waya kan sake musanyawa, su ɗora mutane da yawa a kan adireshi ɗaya a lokaci guda. Ana gane hakan idan adireshin da rawuta ta samu daga kamfani ya fara da `10.` ko ya faɗa tsakanin `100.64` da `100.127`.

Don haka abin da dandalin ya gani adireshin kamfani ne, wanda zai iya nuna Kano ko Legas alhali mai wayar yana Faskari. Kafin a kai ga layi ɗaya, mai bincike na buƙatar abu uku daga dandalin: adireshin IP, da lambar ƙofar da saƙon ya fito ta cikinta, da ainihin lokaci har zuwa daƙiƙa. Sai kamfanin waya ya duba kundinsa ya faɗi layin da ke riƙe da su a lokacin, da turken da ya kama. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni adana irin waɗannan bayanai tsawon shekara biyu.

Kuskure na iya shiga a nan. Idan kundin dandali yana bin agogon GMT, na kamfani kuma agogon Najeriya da ke gaba da sa'a ɗaya, rashin daidaita su zai nuna wani mutum daban. A misalin Faskari, ko an daidaita komai, binciken zai tsaya ne a kan layin mai shago, ba a kan wanda ya ɗora bidiyon ba. Haka kuma layin da aka yi wa rajista da lambar NIN ta wani, ko aka ƙwace daga hannun wanda aka sace, sunan marar laifi zai fitar.

Saboda haka idan jami'i ya ce an gano mutum ta adireshin intanet, akwai tambayoyin da suka dace a yi masa: wane adireshi ne, kundin wane kamfani ya tabbatar da shi, kuma wace shaida ce ta nuna wayar tana hannun wanda aka kama a wancan lokaci?