Ƙirgar Ba-zata: Abin da Giɓin Akwatin Kashiya Ke Gaya wa Odita

Kusan kowane ofis yana da ɗan akwatin da ake ajiye kuɗin ƙananan hidimomi: man janareto, kuɗin motar masinja, takardar buga wasiƙa, ruwan baƙi. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana ba kashiya adadi tsayayye, a ce naira 100,000. Duk abin da ya fitar sai ya rubuta bauca, shugaba ya sa hannu, a maƙala rasit. Idan kuɗin suka yi ƙasa, ya kai baucocin wurin akanta a mayar masa da daidai abin da ya kashe. Saboda haka a kowace sa'a, tsabar kuɗin da ke cikin akwati da jimillar baucoci dole su haɗu su ba da 100,000 cif.

Wannan lissafi ne odita na cikin gida yake zuwa dubawa, kuma ba ya sanar da zuwansa. Da zai ce ga shi nan ranar Talata, mai giɓi zai ranto kuɗi ranar Litinin ya cike, ya mayar ranar Laraba. Idan ya iso, yana ƙirgawa ne a gaban kashiya, ba ya yarda a bar shi da akwatin shi kaɗai, domin kada daga baya a ce shi ya rage. Yana rubuta kuɗin kashi-kashi, 'yan dubu nawa, 'yan ɗari biyar nawa, sannan su biyun su sa hannu. In kashiyan yana riƙe da wani kuɗin daban, kamar na ciniki, a zama ɗaya ake ƙirga su duka, don kada a ɗebo daga wannan a toshe wancan.

A ɗauka an samu tsabar kuɗi 41,500, baucoci kuma 52,000. Jimla 93,500 ke nan, saura 6,500. A ƙasan akwatin sai ga guntuwar takarda: direba ya karɓi 5,000, zai kawo ƙarshen wata, babu sa hannun shugaba. A wurin odita wannan ba bauca ba ce, bashi ne da aka bayar da kuɗin ma'aikata ba da izini ba, don haka giɓin yana nan 6,500, har da 1,500 da ba wanda ya san inda suka shiga.

Ƙirga ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum hukunci ba. Abin da odita ke bi shi ne yadda giɓin yake maimaituwa. Idan yau an rasa 350, wani zuwan aka samu rarar 200, yawanci sakaci ne da matsalar canji, ko masinja da ba ya dawo da rasit. Kuskure na gaskiya yakan faɗa ta ɓangarorin biyu. Amma idan kullum ragi ne, ba a taɓa ganin rara ba, kuma adadin dunƙulalle ne kamar 5,000 ko 10,000, yana bayyana daf da biyan albashi ya ɓace bayansa, to alama ce ta wani yana rance daga akwatin. Idan kuma adadin yana hawa wata bayan wata, mai ɗaukar ya fara kasa mayarwa. Masanin laifuffuka na Amurka, Donald Cressey, wanda ya zanta da fursunonin da suka ci amanar dukiya, ya nuna a littafinsa na 1953 cewa da yawansu sun fara ne da gaya wa kansu aro suke yi.

Duk da haka odita nagari ba ya rubuta kalmar sata a rahotonsa sai da hujja, kuma a ganina daidai ke nan, domin mutuncin ma'aikaci ba abin wasa ba ne. Tambayarsa ta farko ita ce, su wa ke taɓa akwatin? In mutum uku ne ke da makulli, ba wanda za a iya kamawa da giɓin. Sau da yawa ma shugaban ne ke cewa, “Malam, ba ni dubu goma, zan sa hannu gobe,” kashiya kuma ba shi da bakin musa wa maigidansa. Sannan ya duba ko ana buga wa bauca hatimin an biya, domin wadda ba a buga wa ba ana iya sake gabatar da ita. Har ƙirgar da ta fito daidai ba ya sakin jiki da ita sai ya ga rasit ɗin na gaske ne.

Shawarar da yakan bayar ita ce a rage adadin kuɗin, makulli ya zama a hannun mutum ɗaya, a hana rance, mai amincewa da bauca ya bambanta da mai biya. Giɓin da ya dawo karo na uku bayan an rubuta rahoto sau biyu kuwa, tuhumarsa tana kan shugaban da ya karanta rahoton bai gyara komai ba.