Me Ya Sa Yaro Ke Zana Mutum Babu Ciki?

A ba yaro ɗan shekara 4 fensir da takarda a ce ya zana babansa. Sau da yawa abin da zai fito shi ne da'ira guda babba, da ɗigo biyu na idanu, da layi ɗaya na baki, sai dogayen layuka biyu da suka zubo daga ƙasan da'irar a matsayin ƙafafu. Babu wuya, babu ƙirji, babu ciki. In hannaye sun samu shiga, daga gefen kai za su tsiro, kusa da inda kunnuwa suke. Masu nazarin zanen yara suna kiran wannan surar da talibambam, saboda kai ne da jela kawai, kuma an same ta wajen yara a ƙasashe masu yawa.

Malamin da bai san da haka ba zai iya ɗauka yaron ya yi kuskure, ya karɓe fensirin ya gyara masa. Wanda ya sani kuwa zai gane cewa yaron ya hau wani mataki ne a kan hanyar da yawancin yara ke bi. Wanda ya fi shahara wajen tsara waɗannan matakai shi ne Viktor Lowenfeld, malamin zane haifaffen Ostiriya da ya koyar a Amurka, wanda ya fitar da littafinsa kan wannan batu a 1947. Har yanzu da tsarinsa ake fara koyar da ɗaliban kwalejojin horar da malamai a wurare da dama.

Matakin farko shi ne na jagwalgwalo, daga wajen shekara 2 zuwa 4. A farkonsa yaro yana damƙe fensir da tafin hannu gaba ɗaya, motsin kuma daga kafaɗa yake fitowa, shi ya sa layukan ke tsallake takarda su hau tabarma ko bango. Ba hoton komai yake nufi ba, daɗin motsin yake ji da mamakin ganin hannunsa ya bar alama. Bayan wasu watanni ido zai fara bin hannu, sai a ga yana maimaita layi iri ɗaya da gangan, ko yana kewaya da'ira a kan da'ira. Rhoda Kellogg, wata malamar makarantar reno a San Francisco da ta tara zanen yara kimanin miliyan ɗaya, ta ware siffofi 20 na asali da ke yawan dawowa a cikin wannan jagwalgwalo, daga ɗigo zuwa layi mai lanƙwasa zuwa da'irar da ba ta rufe ba.

Babban sauyi yana zuwa ne ranar da yaro ya kalli abin da ya jagwalgwala ya ce, "Wannan Inna ce." Babba ba zai ga Inna a wurin ba, gobe ma yaron zai iya cewa mota ce. Amma daga ranar ya gano cewa alama a takarda tana iya tsayawa a madadin wani abu na duniya, kuma a kan wannan ganewar ne karatu da rubutu za su ginu nan gaba. Abin da yake bukata a wannan lokaci shi ne fili mai faɗi da abin rubutu mai kauri, kamar alli a kan simintin tsakar gida, ko gawayi, ko tsinke a kan yashi. Ƙaramar takarda mai layi-layi takura ce ga hannun da bai iya tsayar da kansa ba tukuna.

Daga shekara 4 zuwa 7 talibambam ke bayyana, sannan ya riƙa cika a hankali. Masana sun so su san ko yaron bai san mutum yana da ciki ba ne. Sai suka riƙa cewa yara su ƙara cibiya a jikin zanen da suka gama. Wasu suka ɗiga ta a cikin da'irar, ƙasa da baki, wasu kuma a tsakanin dogayen ƙafafun nan biyu. Ke nan cikin yana nan a tunanin yaron, bai dai ware masa layi nasa ba. Aikin tuna sassan jiki, da jera su, da sarrafa fensir duk a lokaci guda ne ya yi masa yawa, sai ya ɗauki waɗanda suka fi muhimmanci a wurinsa: fuskar da ke masa magana da ƙafafun da ke tafiya. A wannan shekarun abubuwa suna yawo a takarda ba sama ba ƙasa, akuya tana iya fin gida girma, kala kuma ta son rai ce, don haka jan doki ko shuɗin mutum ba abin tayar da hankali ba ne.

Akwai ma'auni mai sauƙi da likitocin yara ke amfani da shi, wanda zai taimaki malami. Yawancin yara suna iya kwaikwayon da'ira a shekara 3, alamar tarawa a shekara 4, murabba'i tsakanin 4 da 5, alwatika tsakanin 5 da 6. Layin da ya karkata ya fi na tsaye da na kwance wuya, shi ya sa alwatika ke zuwa a baya. Malamin da ya matsa wa ɗan shekara 3 ya rubuta haruffa irin K da A, masu karkatattun layuka, yana neman abin da hannun bai kai gare shi ba.

Tsakanin shekara 7 da 9 yaro yana kafa tsarinsa. Yana da hanya guda ta zana mutum, hanya guda ta zana gida da bishiya, kuma zai maimaita su kullum. Layi yana bayyana a gindin takarda, kowa da komai ya tsaya a kansa a jere. Sama ta zama shuɗin zare a can bisa, rana a kusurwa, tsakani kuma fari fat, domin a wurinsa iska ce a nan. Zai zana gida a ga mutanen da ke ciki ta bango, ko mahayi a kan doki da ƙafafunsa biyu duk a fili. Wani masani Bafaranshe, Georges-Henri Luquet, wanda ya bi zanen 'yarsa Simonne shekara da shekaru ya wallafa sakamakon a 1913, ya bayyana dalilin: yaro a wannan lokaci yana zana abin da ya sani game da abu, ba abin da idonsa ke hangowa daga inda yake zaune ba.

An gwada wannan magana da kofin shayi. A wani bincike da Norman Freeman da Janikoun suka wallafa a 1972, an ajiye kofi a gaban yara 'yan shekara 5 zuwa 9. An juya shi yadda mariƙinsa ya ɓuya a baya, hoton fure da ke jikinsa kuma yana fuskantar yaran, aka ce su zana abin da suke gani. Ƙananan suka riƙa zana kofi da mariƙi, mariƙin da ba sa gani, da yawansu kuma suka bar furen da ke gabansu ƙuru-ƙuru. 'Yan shekara 8 da 9 suka yi akasin haka, suka sa fure suka bar mariƙi. Ga ƙaramin yaro, mariƙi ne ke sa kofi ya zama kofi, in babu shi wa zai gane abin da ya zana? Daga baya wasu masu bincike suka ajiye kofi biyu gefe da gefe, ɗaya mariƙinsa a fili, ɗaya a ɓoye, sai ƙananan yara da dama suka daina ƙara wa na biyun mariƙi, domin yanzu sun ga amfanin nuna bambancin.

Kowane malamin firamare zai iya yin wannan gwaji da kofin roba ko buta a cikin minti goma. Idan ɗan aji ɗaya ya sa mariƙin da ke ɓoye, bai cancanci jan biro ba. Tambaya ta fi gyara amfani: "Daga inda kake zaune, kana hango mariƙin?" A bar shi ya tashi ya kewaya teburin, ya dawo mazauninsa ya sake kallo. Haka nan maimakon "Mene ne wannan?", wadda ke nuna wa yaro cewa zanensa bai fito ba, gara a ce, "Ba ni labarin abin da ka zana."

Daga shekara 9 zuwa 12 ido yana wuce hannu. Yaro ya fara lura cewa abu na nesa yana ƙanƙancewa, cewa na gaba yana tare na baya, cewa sama tana saukowa har ta haɗu da ƙasa. Yana son zanensa ya yi kama da na gaske, hannun kuma ya ƙi ba shi. A nan ake ganin yawan gogewa har takarda ta huje, da zane ƙarami a lungun shafi, da mutane masu hannu a aljihu don gudun zana yatsu, da rufe littafi in malami ya matso. Dariyar abokai tana da nauyi sosai a wannan shekarun, kuma yara da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa ba su iya zane ba, su ajiye shi har girma. Shi ya sa manya da dama, in aka ba su fensir, zanen ɗan shekara 10 suke yi. Yabo kawai ba ya isar wannan yaro, domin yana ganin abin da bai yi daidai ba. Dabara yake so a nuna masa: yadda ake auna tsawon abu da faɗinsa ta miƙa fensir a gaban ido, yadda idanun babban mutum suke kusan a tsakiyar kai ba can kusa da gashi ba, yadda bakin kwano da ake kallo daga gefe yake zama kamar ƙwai maimakon cikakkiyar da'ira. Inda iyaye ba sa son a zana abu mai rai, kwano da buta da keke da ƙofar aji sun isa a koyar da duk wannan.

Shekarun nan dai kiyasi ne, an kuma samo su ne daga yaran Turai da Amurka da suka tashi da takarda a gida. A wani bincike da aka wallafa a 1996 kan yaran kwarin Jimi a Papua New Guinea, an ga 'yan shekara 10 zuwa 15 da ba su taɓa shiga makaranta ba suna yin jagwalgwalo da talibambam a karonsu na farko da riƙe fensir, alhali takwarorinsu 'yan makaranta suna zana cikakken mutum. Wannan ya shafi azuzuwan ƙasar Hausa kai tsaye, inda yaro kan shiga aji ɗaya bai taɓa riƙe fensir ba, na kusa da shi kuma ya yi shekara biyu yana rubutu da alƙalami a allo, ko ya fito daga nazare. Zanen rana ɗaya ba ya auna basirar ɗayansu.

Abin da ya fi shi ne malami ya ajiye zanen kowane yaro sau ɗaya a wata, ya rubuta kwanan wata a bayansa, ya jera su a ƙarshen zango. Wanda ya makara wajen farawa yakan yi saurin cim ma 'yan'uwansa in ya samu takarda da lokaci. Wanda ya kai shekara 6, ya yi watanni yana gwadawa amma har yanzu da'ira ta gagare shi, ko yana manna fuska da takarda, ko fensir na yawan kuɓuce masa, ko ya koma baya daga abin da ya riga ya iya, shi ne ya kamata malami ya kira iyayensa su zauna, a shawarce su su kai shi asibiti a duba idonsa da ƙarfin hannunsa.