Gonar Maraya a Hannun Baffa: Hukuncin Riƙo, Haya da Sayarwa a Mazhabar Malikiyya

A ƙauyukan Rimin Gado, idan magidanci ya rasu ya bar ƙananan yara, abin da ya fi yawa a gadonsu gona ce, kuma kusan kullum baffansu ne yake ci gaba da nomanta. Tambayar farko ita ce: da wane iko yake riƙe da ita?

A mazhabar Imam Malik, waliccin dukiyar yaro na uba ne, sannan wasiyyin da uban ya naɗa, sannan alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Kaka da wa da baffa, har uwa, ba su da wannan iko saboda zumunci kawai, ko da yaron a ɗakinsu yake kwana. Haka Shehu Khalil ya tsara a babin hajru na Mukhtasar. Sai dai Shehu Dardir, a sharhinsa, ya kawo cewa malamai sun kyautata ɗaukar al'ada a matsayin wasiyya, inda aka saba uba ya mutu bai naɗa kowa ba domin ya dogara da ɗan'uwansa. Wannan sauƙi ya dace da karkararmu, amma a ganina bai kamata a dogara da shi ba yau da gona ta yi tsada. Ya fi aminci dangi su je kotun shari'a ranar rabon gado, a rubuta sunan mai riƙo da iyakokin kason kowane yaro.

Mu ƙaddara yaro ɗan shekara 9 ya gaji gonar da take ba da buhu 20 na dawa a damina mai kyau. Baffa ya ce zai noma da irinsa da takinsa, ya riƙa kai wa uwar yaron buhu 4 duk kaka a matsayin kuɗin haya. Niyyar tana iya zama kyakkyawa, amma cinikin bai inganta ba a mashahurin mazhaba, domin Malikiyya sun hana ba da hayar ƙasar noma da abinci ko da abin da take tsirarwa. Ga kuma matsala ta biyu: shi ne mai ba da haya, shi ne mai karɓa, kuma mai riƙo abin tuhuma ne idan ya yi ciniki da kansa. Mafita biyu ce. Ko a yanka haya da kuɗi, gwargwadon yadda ake ba da makwabtan gonaki, a gaban mai unguwa da shaidu. Ko a noma gonar da dukiyar yaron, amfanin ya zama nasa duka. A hali na biyu, zakka ta hau kan amfanin ko da mai shi bai balaga ba: buhu 20 sun wuce nisabin wusuƙi biyar, kuma tunda ruwan sama ne ya shayar, ushiri ne, wato buhu 2, mai riƙo ne zai fitar.

Sayarwa ta fi wannan nauyi. Rimin Gado tana kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, kuma masu neman filaye suna taya gonakin bakin titi. Malamai ba su yarda a sayar da ƙasar maraya ba sai da dalili sananne, kamar buƙatar ciyar da shi ko biyan bashin da ba a da abin biya, ko tayin da ya zarce farashin kasuwa da sulusi ko fiye. To idan gonar ta kai naira miliyan 3 a kasuwa, tayin miliyan 3 da dubu 300 ba dalili ba ne. Sai ya kai miliyan 4. Ko a nan ma, abin dubawa shi ne inda kuɗin za su tafi. Naira tana narkewa a ajiye, ƙasa kuwa tana nan, don haka wanda ya sayar bai sayi wata gonar da sunan yaron ba, da wuya a ce ya yi masa maslaha. Auren yayan maraya ko hajjin baffa ba sa cikin dalilan ko kaɗan.

Miƙa dukiya kuma ba a balaga kaɗai yake tsayawa ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta haɗa balaga da shiriya wajen tattalin dukiya, ta kuma yi umarni da jarrabawa da kafa shaidu. Idan alamun balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance shekara 18 ne. Jarrabawar ɗan manomi a fili take: a ba shi gefen gona damina ɗaya, a ga yadda zai yi da kuɗin gyaɗarsa. Idan an yi jayayya daga baya, ana karɓar maganar mai riƙo da rantsuwa kan abin da ya ciyar, matuƙar yaron a hannunsa yake kuma adadin bai saɓa wa hankali ba. Amma da'awarsa cewa ya riga ya miƙa gonar ba a karɓarta sai da shaidu.