Sanarwa a Lasifika: Yadda Ake Tsara Ta Don Na Ƙarshen Sahu Ya Ji

Mai riƙe da makirfo a filin Idi, ko a kasuwar baje koli, ko a filin ƙwallo, yana jin kowace kalma da ta fita daga bakinsa, don haka yakan ɗauka kowa ma ya ji. Wanda yake can ƙarshen fili kuwa labarinsa daban ne. Yana gaisawa da wani, yaro yana jan masa riga, janareta na ruri a gefensa. Kafin ya ankara cewa magana ake yi a lasifika, jimlar farko ta wuce. Abin da ya rage kuma guntu-guntu yake iso masa: kalma uku ta shiga, biyu iska ta kwashe. Wannan mutumin ake rubuta wa sanarwa. Idan shi ya fahimta, na gaba sun riga sun fahimta.

Akwai dalilin da ya sa magana take lalacewa a fili, ko da na'urar mai kyau ce. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A ce akwai katanga ko dogon gini mita 85 daga lasifika. Sautin zai je ya bugi ginin ya dawo, tafiyar mita 170 ke nan, wato rabin daƙiƙa. A cikin rabin daƙiƙar nan mai magana da sauri ya riga ya furta gaɓa biyu ko uku, sai amsa-kuwwar kalmar baya ta hau kan kalmar da ke fitowa. Haka abin yake idan an kafa lasifika biyu nesa da juna: wanda ya fi kusa da ɗaya zai ji magana ɗaya sau biyu, ta biyun tana bin ta farko a baya. Ƙari a kan haka, lasifikar ƙaho da aka saba ɗaurawa a kan falwaya tana fito da wasula da ƙarfi, amma baƙaƙe marasa amo irin su s, f da sh sukan dusashe a nesa. Ƙara murya ba ya gyara wannan. Ihu a bakin makirfo sai dai ya sa sautin ya farfashe.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki. An idar da sallar Idi, an gama huɗuba, dubban mutane sun miƙe za su fita. Wata babbar mota ta lalace ta toshe ƙofar gabas, wadda yawancin jama'a suka shigo ta cikinta. Ana so a juya su zuwa ƙofar arewa. Ga irin abin da aka saba ji:

"Assalamu alaikum. Jama'a, kwamitin shirya wannan taro mai albarka, ƙarƙashin jagorancin shugabanninmu masu girma, yana yi wa kowa barka da Sallah, yana kuma roƙon jama'a da su yi haƙuri, saboda wasu dalilai da suka sha ƙarfinmu ba za a fita ta ƙofar gabas ba, sai dai a nemi ɗaya ƙofar. Allah ya maimaita mana."

Ladabi ya cika a cikinta, amma duba abin da ya isa kunnen na baya. Saƙon yana can tsakiyar doguwar jimla, an faɗe shi sau ɗaya tak. Ƙofar da aka ambata da suna ita ce wadda ba a so a bi, wadda ake so a bi kuwa an bar ta a matsayin "ɗaya ƙofar". Mafi muni, duk ma'anar ta rataya a kan "ba" guda biyu, gajerun gaɓoɓi masu saurin ɓacewa a hayaniya. Idan suka faɗi, abin da ya rage shi ne "za a fita ta ƙofar gabas". Sanarwar da kanta ta tura mutane inda aka toshe.

Ga yadda zan tsara ta:

"Jama'a, sanarwa. Jama'a, sanarwa daga kwamitin fili. A fita ta ƙofar arewa, wajen tankin ruwa. Ƙofar arewa, wajen tankin ruwa. Mota ta lalace ta toshe ƙofar gabas. Komai lafiya, a tafi a hankali. A fita ta ƙofar arewa, wajen tankin ruwa."

Kalmomin farko ba su ɗauke da wani saƙo, kuma da gangan aka yi haka. Aikinsu shi ne su sa kai ya ɗago. Mai shelar gargajiya ya san wannan tun tuni, shi ya sa yake fara kaɗa ganga, ya isar da gaisuwar sarki, sai an yi tsit sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Bayan "sanarwa" ta biyu a yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku. Shirun zai yi wa mai makirfo tsawo, amma a lokacin ne masu hira suke katse hirarsu.

Daga nan sai umarni ya zo kafin dalili, kuma da sigar abin da za a yi, ba abin da za a bari ba. An faɗe shi sau uku: biyu a farko, ɗaya a ƙarshe. Wanda ya ankara da wuri ya ji na farko, na biyu ya tabbatar masa. Wanda ya makara ya tsinci na ƙarshe. Sharaɗin maimaicin shi ne kalmomin su kasance iri ɗaya sak. A nan ne masu iya magana suka fi tuntuɓe, domin kunnensu ba ya son nanata kalma, sai su ce "ƙofar arewa", can su ce "ƙofar baya", can kuma "ƙaramar ƙofa". Ga mai sauraron da ke harhaɗa guntaye, ƙofofi uku ke nan. Idan kuwa jimlar ba ta canza ba, abin da ya kuɓuce masa a karon farko zai cike shi a karo na biyu. Matuƙan jirgin ruwa da na sama ma haka ƙa'idarsu take: kalmar neman agajin gaggawa ta rediyo sau uku ake faɗinta a jere, don kada a rikita ta da wata magana.

An haɗa "arewa" da "tankin ruwa" ne saboda ba kowa ne ya san arewa a filin da yake baƙo ba. "Hannun dama" kuma bai da amfani da zarar sahu ya watse, kowa ya fuskanci inda ya ga dama. Abin da ido ke iya hangowa daga nesa shi ake ambata: tanki, hasumiya, babbar bishiya, rumfa mai launi.

Wasu za su ce a ɓoye dalili kada jama'a su firgita. Ban yarda da wannan ba. A 1991 masu bincike biyu, Guylène Proulx da Jonathan Sime, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Monument da ke Newcastle a Ingila. Da aka kaɗa ƙararrawa kawai, fasinjoji da yawa suka ci gaba da jiran jirginsu. Da aka yi magana ta lasifika aka gaya musu abin da ya faru, da inda ya faru, da hanyar da za su bi, sai suka tashi da wuri, kuma ba tare da turereniya ba. Mutum yana bin umarni idan ya san dalilinsa. Idan aka ce masa "wasu dalilai", zai je ƙofar gabas ɗin ya gani da idonsa, ko kuma jita-jita ta cike masa gurbin da abin da ya fi mota muni. Sai dai a zaɓi kalma. "Babu haɗari" tana da cutar da "ba za a fita ba" take da ita: idan "babu" ta ɓace, "haɗari" ce za ta yi yawo a fili. Shi ya sa na ce "komai lafiya". Idan kuwa haɗarin na gaske ne, kamar gobara, a faɗe shi da sunansa da wurinsa, a biyo shi nan take da hanyar fita.

Lambobi suna da nasu tarkon. A nesa "biyu" da "biyar" kan zama abu ɗaya, haka "sha biyu" da "sha biyar", haka "arba'in" da "saba'in", "talatin" da "tamanin". Idan ana kiran mai motar nan ya zo, a fara da abin da jama'a suka fi saurin ganewa, wato launi da irin motar da inda take tsaye, sannan lamba. Lambar kuma a karanta ta ɗaya bayan ɗaya, "biyu, bakwai, biyar", da ɗan shiru a tsakani, a sake karantawa. Haruffa a jingina su da sunan gari: B na Bauchi, D na Daura, K na Katsina. Lokaci ya fi zama a kunne idan an ɗaure shi da salla: "ƙarfe huɗu da rabi, bayan La'asar".

Cigiyar yaro ita ce wurin da ba a faɗin komai. Idan an tsinci yaro, a faɗi kimanin shekarunsa da launin rigarsa da wurin da za a zo, a nanata wurin sau uku. Amma a riƙe wata alama, kamar sunansa ko tabon da ke jikinsa, wadda duk wanda ya zo karɓa sai ya faɗe ta da bakinsa.

Inda taro ya haɗa harsuna, kamar gasar kokawa ta ƙasa a Nijar da ke tara masu jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a gama sanarwar gaba ɗaya da harshe ɗaya kafin a shiga na gaba. Sunan wurin kuma a bar shi yadda yake a rubuce a jikin allo ko yadda kowa ke kiransa.

Ta yaya za a san ta isa? Tun kafin taro, a tura mutum ɗaya can ƙarshen fili, wanda bai ga takardar ba, a karanta, ya dawo ya faɗi abin da ya ji. Kada a tambaye shi "ka ji?", domin zai ce ya ji. A tambaye shi "ina aka ce a bi?" A lokacin taron kuwa jama'a ne ma'auni. Idan ka ga mutane suna juyawa suna tambayar na kusa da su, sauti ya je amma ma'ana ba ta je ba, sai a rage sauri, a gajarta jimla, a sa makaɗa da sauran lasifikoki su dakata. Idan babu wanda ya ko ɗaga kai, matsalar ta na'ura ce ko ta rashin jan hankali a farko.

Maimaici ma yana da iyaka. Sanarwar ƙofar nan za a iya sake ta duk bayan minti biyu ko uku muddin jama'a na fita, a karanta daga takarda don kalmomin kada su sauya. Amma idan makirfo ɗin bai huta ba tun safe, daga gaishe da manyan baƙi sai tallar kaya, kunne ya riga ya daina kula shi, don haka kalmar "sanarwa" a keɓe ta ga abin da ake so a aikata. Da zarar an janye motar kuma, a faɗa sau biyu cewa ƙofar gabas ta buɗe, in ba haka ba jama'a za su ci gaba da cunkushewa a ƙofar arewa alhali ɗayar tana wayam.