Bayan ƴan dubiya sun ɗauke ƙafa: rayuwar mai shanyewar ɓarin jiki

A makonnin farko gidan mai shanyewar ɓarin jiki ba ya rabuwa da mutane. Ƴanʼuwa daga ƙauye, maƙwabta, abokan kasuwa, kowa da ledar lemo da ayaba, kowa da «sannu, Allah ya sa kaffara ne». Bayan wata biyu ko uku sai ƙafa ta ɗauke, domin kowa yana da nasa abin da ya dame shi. A daidai lokacin ne majinyacin yake fara gane cewa wannan ciwon ba irin na sha magani a miƙe ba ne. Idan an tambaye shi ya jiki, zai ce da sauƙi, kamar yadda aka koya wa kowa ya ce. Abin da ke cin zuciyarsa kuwa ba a cika tambayarsa ba.

Likitoci sun daɗe da lura da wannan. Idan aka haɗa binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga shanyewar ɓarin jiki yana kamuwa da ciwon damuwa. Dalili biyu ne suke haɗuwa. Jijiyar jinin da ta toshe ko ta fashe ta yi wa ƙwaƙwalwa rauni, kuma raunin yana iya taɓa sassan da ke daidaita yanayin zuciya. Sannan ga abin da mutum ya rasa a rayuwarsa. Saboda haka wanda ya shiga wannan hali ba rashin tawakkali ke damunsa ba, kuma faɗa masa hakan nauyi ne a kan nauyi.

A ɗauki misalin tela mai shekara hamsin da biyar, wanda ya daɗe da hawan jini bai sani ba. Ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, don haka hannun dama da ƙafar dama suka yi nauyi, maganarsa kuma ta sarƙe, tunda a wajen yawancin mutane cibiyar magana tana hagu ne. Ya san sunan buta sarai, amma idan ya zo faɗa sai kalmar ta ƙi fitowa, ko wata daban ta fito. Hankalinsa yana nan daram. Duk da haka masu shigowa sun koma tambayar matarsa, «Ya ci abinci kuwa?», alhali ga shi zaune yana jinsu.

Kafin ciwon, ranarsa tana da tsari wanda bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba. Asuba a sahun gaba, ya ba da kuɗin cefane, ya buɗe shago, ya yi wa yara faɗa a kan ɗinkin da suka karkata, bayan laʼasar ya zauna a majalisa. Kowanne cikin waɗannan yana gaya masa shi wane ne, kuma akwai masu jiransa. Yanzu Litinin da Jumaʼa duk ɗaya suke. Wani masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, Michael Bury, ya yi hira da masu ciwon sanyin gaɓoɓi, kuma a 1982 ya nuna cewa doguwar cuta tana katse wa mutum labarin rayuwarsa ne, har ya rasa yadda zai haɗa jiya da gobe. Tela bai san Bury ba, amma abin da yake ji ke nan idan ya ji ƙarar keken ɗinki daga gidan maƙwabta ya juya fuskarsa bango.

A nan iyali suke yin kuskuren da ƙauna ce ta jawo shi. «Baba, ka huta.» «Malam, bari na yi maka.» Ana ɗaura masa hula, ana ba shi abinci a baki ko da hannun hagunsa lafiya lau, ana ɓoye masa cewa kuɗin makarantar auta ya gagara don kada ransa ya ɓaci. Babban ɗansa ya karɓi shago da cefane ba tare da shawara ba. Cikin wata shida an mayar da maigida baƙo a gidansa. Jikin ma yana asara, domin hannun da ba a motsawa ƙara sandarewa yake yi, kuma watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da aka fi samun saurin farfaɗowa.

Ba kowane hawaye ne ciwon damuwa ba, kuma rarrabewa yana da amfani. Baƙin cikin rashi yana zuwa yana tafiya: mutum ya yi kuka da safe, da yamma jikarsa ta ba shi dariya. Akwai kuma kuka ko dariyar da ke ɓarkewa ba dalili, ana cikin gaisawa sai hawaye, bayan minti ɗaya ko biyu ya wuce. Wannan daga raunin ƙwaƙwalwa ne, ba iska ba ce, ba kuma taɓin hankali ba, sai dai kunyar abin tana hana mutane da yawa fita. Ga gajiya mai nauyi wadda barci ba ya kawarwa, har a riƙa ce wa mutum ya cika son jiki. Ciwon damuwa shi ne idan ƙuncin ya zauna kusan kullum har mako biyu ko fiye, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci da cin abinci suka rikice, ya ƙi zuwa gashi, ya fara cewa ya zame wa mutane kaya. Idan magana ta sarƙe, a fuska da ɗabiʼa ake gani. Wanda ya fara cewa gara ya mutu, ko aka ga yana tara ƙwayoyin magani, a kai shi wurin likita a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai magungunan ciwon damuwa da ke aiki bayan shanyewar jiki, amma sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma likita ne zai zaɓa saboda sauran magungunan da mutum ke sha. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka ma asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri.

Magani kaɗai ba ya cike rana. Hanyar da masana halayyar ɗan Adam suka fi amfani da ita a nan tana da sauƙin fahimta. Mai ƙunci yana jira sai ya ji daɗin ransa sannan ya yi wani abu, kuma jin daɗin ba ya zuwa wurin wanda ke kwance a ɗaki. Saboda haka ake juya lamarin: a tsara ƙaramin aiki, a sa masa lokaci, a yi shi ko rai yana so ko ba ya so, yanayin zuciya ya biyo baya a hankali. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cewa wannan hanyar ba ta gaza tsadaddiyar hanyar zama da ƙwararre ba wajen rage ciwon damuwa, kuma ƙananan maʼaikatan lafiya ne suka gudanar da ita.

Ga tela, ba a fara da tambayar me zai iya yi ba. Ana farawa da me ya fi jin rashinsa. A ce ya nuna abu uku: jamʼi, shago, da riƙon gidansa. Salloli biyar sun riga sun raba masa yini, sai a rataya komai a jikinsu. Bayan asuba, lokacin da ƙarfinsa ya fi yawa, ya yi motsa jikin da mai gashin ƙashi ya koya masa na minti goma sha biyar, ya sa rigarsa da kansa, yana fara zura hannun da ya shanye sannan mai lafiyar. Zai ɗauki minti goma a abin da matarsa za ta yi a minti ɗaya, kuma aikinta a nan shi ne ta daure ta bar shi. Kuɗin cefane, ko daga aljihun ɗansa suka fito, a damƙa masa ya miƙa da hannunsa, a kuma tambaye shi me za a dafa.

Shago sau biyu a mako, awa ɗaya kacal, da hantsi. Ba zai riƙe almakashi ba, amma idon da ya shekara talatin yana duba wuyan riga bai shanye ba. Yaro ya kawo kaftani, ya shafa kafaɗar da hannun hagu, ya nuna inda ta tattare, a warware a sake. Wannan aiki ne na gaske, kuma dole ya zama na gaske, domin dattijo yana gane aikin da aka ƙirƙiro don a lallashe shi, kuma abin ciwo yake yi masa. Masallaci kuwa a fara da salla ɗaya, wadda ba ta da cunkoso, da kujera a ƙarshen sahu. Shariʼa ta ba marar lafiya damar yin salla a zaune ko a kishingiɗe, da taimama idan alwala ta gagara, kuma da yawa suna buƙatar su ji wannan daga bakin limaminsu kafin zuciyarsu ta natsu.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne ranar da ya tashi da ƙarfi. Sai ya wuni a shago, ya ce zai taka har kasuwa, sannan ya kwanta kwana uku yana cewa ai dama ya san ba zai iya ba. Maʼaunin shi ne a tsaya tun da sauran ƙarfi, a sa hutun bayan azahar cikin tsarin kamar kowane aiki, kuma kada a ƙara komai sai an yi mako guda ana yin na yanzu ba tare da an biya da kwanciya ba.

Shahararren ɗan fim na Amurka, Kirk Douglas, ya gamu da wannan ciwon a 1996, maganarsa ta lalace, abin da ɗan wasa ya dogara da shi ke nan. Ya bayyana da kansa cewa ƙunci ya kai shi har tunanin kashe kansa. Ya dage da koyon magana, ya koma fim, ya rubuta littafi a kan jinyar, ya rayu har 2020 yana da shekara 103. Maganarsa ba ta taɓa komawa yadda take ba. Shi yana da kuɗi da ƙwararru, abin da tela ba shi da su, kuma ba kowa ne zai kai inda ya kai ba. Wasu hannun ba zai dawo ba ko an yi duk abin da ya kamata, kuma ranakun kuka za su ci gaba da zuwa jefi-jefi.

Akwai kuma wadda ba a yi wa sannu, matar da ke juya shi da dare, ta wanke, ta dafa, ta bar ɗan kasuwancinta da bikin danginta. Masu jinya su ma suna kamuwa da ciwon damuwa sosai, kuma idan ta faɗi duk tsarin ya rushe. Don haka a cikin jadawalin mako a rubuta sunan wanda zai karɓe ta ranar Talata da wanda zai karɓe ta ranar Asabar, ƙani ne ko ɗa ko amini, da ƙarfe nawa zai zo da ƙarfe nawa zai tafi.