Me ya sa Ɗanladi yake komawa Danladi a wayar hannu?

Mai amfani da waya yakan rubuta sunansa daidai, Ɗanladi ko Ɗanjuma, ko sunan garinsu, Ƙanƙara ko Haɗeja, amma da saƙon ya isa sai a ga Danladi, ko ?anladi, ko wani ɗan akwati a gurbin harafin farko. Da yawa sukan ɗora wa wayar laifi. Sau da yawa kuwa wayar ta yi nata aikin, lanƙwasar ta faɗi ne a kan hanya. Sunan da aka rubuta yana ratsa ƙofofi huɗu kafin ya kai ga idon mai karatu: allon rubutu, zanen haruffan da ke cikin waya, hanyar da saƙon ya bi, da kuma rumbun da aka adana shi. Kowace ƙofa tana da irin ɓarnar da take yi, kuma daga kamannin ɓarnar ake gane inda aka samu matsala.

Harafi a wurin na'ura lamba ce

Waya ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin farko da ya yaɗu a na'urori, wato ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, yana da gurabe 128 kacal, kuma haruffan da ke ciki na Ingilishi ne. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, ba su sami wuri a cikinsa ba. Da tsarin Yunikod ya zo a farkon shekarun 1990, kowannensu ya sami lambarsa a cikinsa:

```
Ɓ U+0181   ɓ U+0253
Ɗ U+018A   ɗ U+0257
Ƙ U+0198   ƙ U+0199
Ƴ U+01B3   ƴ U+01B4
```

Abin lura a nan shi ne, a wurin na'ura ɗ ba d ba ce da aka ɗora wa ƙugiya. Harafi ne mai zaman kansa, kamar yadda suke a bakin Bahaushe, inda baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Wannan ya bambanta su da é ta Faransanci, wadda Yunikod ya yarda a raba ta gida biyu, e da alamar da ke samanta. Manhajar da ba ta son alamomi tana iya cire alamar ta bar e. Ita kuwa ɗ ba ta rabuwa. Saboda haka duk inda aka ga ɗ ta koma d, wani ne ya shirya jadawalin musanya da gangan. Inda ba a shirya ba, sai harafin ya zama alamar tambaya ko ya ɓace gaba ɗaya, Ɗanladi ya koma anladi.

Ƙofa ta farko: allon rubutu

Wayoyin da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya galibi suna zuwa da allon Ingilishi, na Nijar kuwa da na Faransanci. Idan aka danne d a kan irin waɗannan alluna, ɗ ba ta fitowa. Mafita ita ce ƙara Hausa a allon. A manhajar Gboard ana shiga Settings, sai Languages, sai Add keyboard, a nemi Hausa. Daga nan haruffan sukan samu, ko dai a maɓallansu ko ta hanyar danne b, d, k ko y na ɗan lokaci. Mai iPhone yana iya kwafo harafin sau ɗaya ya ajiye shi a Text Replacement, ƙarƙashin Settings, General, Keyboard, ya ba cikakken sunansa wata gajeriyar alama da za ta riƙa fito da shi.

Akwai tarko biyu a wannan ƙofa. Na farko shi ne gyaran kai tsaye: idan allon yana kan Ingilishi, yana iya ɗaukar kalmar a matsayin kuskure ya sauya ta da zarar an danna tazara. Wannan ɓarna ana ganin ta nan take, tun kafin a aika saƙon. Na biyu shi ne haruffa masu kama da na Hausa. Wasu alluna sukan kawo đ mai gicciye, wadda ta Biyetnam da Kuroshiya ce, ko ķ mai wutsiya a ƙasa, wadda ta Latbiya ce. Wanda ya ajiye sunan abokin cinikinsa da ɗayansu, ranar da ya neme shi da ɗ ko ƙ ta gaskiya yana iya rasa shi, domin lambobin ba ɗaya ba ne.

Ƙofa ta biyu: zanen haruffa

Wani lokaci lambar takan isa lafiya, amma wayar da ta karɓa ba ta da hoton harafin a cikin zanen haruffanta. A nan ne ake ganin ɗan akwati. Wannan ya fi faruwa a ƙananan wayoyi masu maɓalli da tsofaffin na'urorin buga rasit. Alama mai kama da ita ita ce a ga harafin ya fito amma ya fi sauran kauri ko ya karkace, domin wayar ta aro shi daga wani zanen daban. A duk waɗannan halaye sunan bai lalace ba. Idan aka tura saƙon zuwa wata waya ta zamani, lanƙwasar za ta bayyana cif.

Ƙofa ta uku: saƙon tes da lissafin kuɗinsa

A nan ne aka fi yi wa lanƙwasa aski, kuma dalilin kuɗi ne. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar wani ƙayyadadden nauyi. Idan duk haruffansa suna cikin ƙaramin jerin da ake kira GSM 03.38, saƙo ɗaya yana cin haruffa 160. Wannan jeri yana da wasu haruffan Turai kamar é da ñ da ü, amma babu ko ɗaya daga cikin na Hausa. Da zarar harafi ɗaya tak daga wajen jerin ya shigo, dukkan saƙon sai ya koma tsarin Yunikod, inda saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 70. Idan kuma ya yi tsawon da sai an yanka shi, kowane yanki 67 yake ɗauka, domin ana ware ɗan wuri na alamar haɗa yankunan.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da zai sanar da abokan cinikinsa 500 cewa sabon kaya ya sauka. Saƙonsa haruffa 150 ne, har da tazara. Idan ya sa hannu da Danladi, saƙo ɗaya ne ga kowane mutum, jimla 500. Idan ya sa hannu da Ɗanladi, haruffa 150 ɗin za su rabu 67 da 67 da 16, wato saƙo uku ga kowane mutum, jimla 1,500. Harafi ɗaya ya ninka kuɗin sau uku. Wannan ne ya sa masu aika saƙonni da yawa a lokaci guda suke zaɓar tsarin GSM, su bar manhaja ta musanya duk harafin da bai shiga ba.

Wasu wayoyin ma suna da irin wannan zaɓi a cikinsu. A manhajar Google Messages akwai Use simple characters, wanda aikinsa shi ne sauƙaƙa haruffa na musamman kafin a aika tes. Wasu wayoyin Samsung kuma suna da Input mode, mai zaɓin GSM alphabet, Unicode ko Automatic. Wanda lanƙwasarsa ke ɓacewa a tes kaɗai, nan ya kamata ya fara dubawa. Gwajin mai sauƙi ne: ya aika sunan ta WhatsApp, ya sake aika shi ta tes. WhatsApp yana tafiya da Yunikod ta intanet, ba ya ƙidayar 70 da 160. Idan sunan ya isa daidai ta can ya lalace ta tes, to hanyar tes ce ta yi ɓarnar, ba allon rubutu ba.

Ƙofa ta huɗu: fom da rumbun bayanai

Fom ɗin rajista da yawa an gina su ne su karɓi A zuwa Z kawai a gurbin suna. Wani zai ƙi sunan ya ce akwai harafin da bai halatta ba, wani zai karɓa ya musanya a ɓoye. Akwai kuma ɓarnar da ke faruwa idan an adana suna da tsarin UTF-8 aka buɗe shi da tsohon tsarin Windows-1252. A UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa yana cin gurbi biyu, tsohon tsarin kuwa yana karanta kowane gurbi a matsayin harafi guda. Sakamakon shi ne:

```
Ɗanladi  →  ÆŠanladi
Haɗeja   →  HaÉ—eja
```

Ma'aikacin da ya buɗe jerin sunayen albashi ya ga irin wannan, kada ya hau gyara su ɗaya bayan ɗaya. Bayanan suna nan lafiya, abin da ake bukata shi ne a sake shigo da fayil ɗin a zaɓi UTF-8. Amma idan alamar tambaya ce aka riga aka adana, harafin ya tafi ke nan, sai an koma ga takardar asali.

Fasfo yana da nasa ƙa'idar. Layuka biyun da ke ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa, suna bin tsarin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, kuma ba sa ɗaukar komai sai A zuwa Z, lambobi 0 zuwa 9, da alamar <. Ko alamar hamza ba ta shiga, don haka Ɗan'asabe zai fito DANASABE.

Inda za a sa lanƙwasa da inda za a bar ta

Daga nan ake samun ƙa'idar aiki. A wurin da na'ura ke gwada suna da suna, kamar NIN da BVN da asusun banki da tikitin jirgi da takardun fansho, abin da ake so shi ne sunan ya zo iri ɗaya harafi da harafi. Idan katin shaida ya ce Danladi, a rubuta Danladi a ko'ina, domin na'urar da ke kwatantawa tana iya ɗaukar Ɗanladi a matsayin wani suna daban, a tsayar da buƙatar mutum sai ya je gyara. A wurin da mutum ne zai karanta kuwa, kamar wasiƙa, katin gayyata, allon shago, tallan WhatsApp da rubutun jarida, babu dalilin yar da lanƙwasa.

Ga jerin lambobin waya, dabarar ita ce a ajiye sunan da lanƙwasarsa, sannan a rubuta shi da haruffa marasa lanƙwasa a gurbin laƙabi ko na kamfani, domin a same shi ta kowace hanya aka nema. Mai aika tes ga jama'a da yawa kuwa, ya dubi ɗan ma'aunin da ke nuna yawan saƙonni kafin ya danna aikawa. Idan ya ga ya tsallaka daga 1 zuwa 3 bayan ya rubuta sunansa, ya san harafin da ya jawo hakan, sai ya zaɓa tsakanin biyan ƙarin kuɗin da taƙaita saƙon zuwa haruffa 70.