Mai Talla Ba Yawan Mabiya Yake Saye Ba: Abin da Ya Kamata Shafi Ɗaya Ya Faɗa

Akwai wata magana da ta zauna a bakin matasa daga Ƙonni har Bazaga, wai da zarar mabiyanka a TikTok ko Facebook sun kai dubu hamsin, kamfanoni da kansu za su yi ta kiranka da kuɗin talla. Wannan zance shi ke sa wasu zuba kuɗinsu wajen sayen mabiyan bogi, ko shiga rukunonin «bi ni in bi ka», sannan su zauna jiran kiran da ba ya zuwa. Shirin da TikTok ke biyan masu bidiyo da shi bisa yawan kallo ƙasashe kaɗan ya shafa, kuma Nijar ba ta ciki. Saboda haka kuɗin da mai bidiyo a wannan yanki zai iya samu yana hannun mai shagon salula, dillalin taki da iri, mai sayar da faifan sola, wakilin kamfanin aika kuɗi, ko ofishin tallan kamfanin waya irin su Airtel, Moov da Zamani. Dukansu tambaya uku suke da ita: su wa ke kallonka, me tallanka ya taɓa jawo wa wani, kuma nawa za a biya ka. Takarda mai shafi ɗaya da ta amsa waɗannan ukun da hujja ta fi mabiya dubu ɗari da ba a san inda suke ba.

Mai sayen albasa a Galmi ba ya biyan kuɗi don ya ga buhu ya cika ya yi tozo. Sai an kwance baki ya zura hannu har tsakiya, ya ga ko manyan da aka jera a sama su ne a ƙasa, ko kuwa ruɓaɓɓu aka ɓoye. Adadin mabiya shi ne tozon buhun, takardar nan kuma ita ce kwance bakinsa da hannunka kafin a nema. Shi ya sa kashi na farko na shafin, bayan suna, hoto da layi biyu kan irin bidiyon da kake yi, ya kamata ya zama bayanin masu kallo. Ba sai an ƙirƙiro shi ba, yana nan cikin wayar: TikTok Studio na nuna jinsin mabiya, shekarunsu, ƙasashen da suke da lokutan da suka fi shiga, Facebook ma na ba masu shafi irin wannan lissafi. A ɗauki hoton allon na kwana 28 da suka wuce, a sa shi a takardar tare da ranar da aka ɗauka. Ranar ba ado ba ce, domin lissafin bara ba ya gaya wa kowa halin da ake ciki bana.

A nan akwai wani abu da ya keɓanta da mutanen bakin iyaka, kuma rashin bayyana shi na iya jawo wa mutum asara. Manhajojin nan suna kintatar wurin da mai kallo yake ne, galibi daga layin da yake hawa da shi. Ƙonni na kallon Illela ta jihar Sakkwato, kuma mutane da yawa a ƙauyukan iyaka na riƙe da layin Najeriya. Mai kallo yana zaune a ƙasar Bazaga amma lissafi ya jefa shi Najeriya, wani kuma ya bayyana a Yamai alhali bai taɓa barin jihar Tawa ba. Wanda ya san aikinsa zai rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin hoton ya bayyana haka, ya ƙara da wata shaida, misali garuruwan da masu sharhi da masu kiransa suka fi ambata. Ga dillalin da ke sayarwa a ɓangarorin iyaka biyu, masu kallo daga Illela da Sakkwato riba ce. Ga mai shagon da ke jiran abokan ciniki daga Tsarnawa da Malbaza kawai, ba su da amfani sosai. Gaskiyar lissafin ce za ta nuna wa kowannensu ko ya dace ya biya.

Mu ɗauki misali na ƙiyasi don a ga yadda lissafin ke tafiya. Dillalin iri da maganin feshi a Ƙonni yana son manoman rani su san kayansa. Matasa biyu sun kawo kansu. Na farko yana da mabiya 80,000, yana neman sefa 30,000 a bidiyo ɗaya, amma bidiyonsa na samun kallo wajen 3,000, kuma ɗaya cikin goma na masu kallon ne ke yankin. Ke nan mutum 300 dillalin zai isa gare su, kowane ɗaya a kan sefa 100. Na biyu mabiyansa 9,000 ne kacal, yana yin bidiyo kan noman albasa da farashin kasuwa, yana samun kallo wajen 6,000, bakwai cikin goma daga yankin. Yana neman sefa 15,000. Mutum 4,200 ke nan, kowane ɗaya bai kai sefa 4 ba. Idan babu takarda, dillalin zai bi mai babban adadi ya yi asara, ya kuma yanke hukuncin cewa tallan waya ƙarya ne. Idan akwai takarda, na biyu ya ci kasuwa cikin minti biyu. Ashe ƙaramin mai bidiyo shi ya fi kowa bukatar wannan shafi.

Adadin kallon da za a rubuta ma yana da ƙa'ida. Jarabar kowa ita ce ya ɗauko bidiyon nan ɗaya da ya yi farin jini ya kafa a gaba. In bidiyo ɗaya ya samu kallo 200,000, sauran tara kuma dubu shida-shida, matsakaicin goman zai haura 25,000, adadin da mai shi ba zai iya maimaitawa ba ranar da aka biya shi. Hanya mai tsabta ita ce a ɗauki bidiyo goma na ƙarshe, a cire mafi yawa da mafi ƙaranci, a raba jimillar sauran gida takwas. Mai talla da ya ƙware yana gane mabiyan saye cikin sauƙi: mabiya tuli amma kallo kaɗan, sharhi babu ko kuma na baƙin harsuna, da ƙasashen da ba su da alaƙa da mai magana da Hausa. Wanda aka kama da wannan sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa sauran shagunan.

Kashi na biyu, sakamakon baya, shi ne wanda aka fi yi wa sakaci, kuma shi ya fi nauyi. «Na yi wa shaguna da yawa talla» ba hujja ba ce. Hujja ita ce a faɗi irin kasuwancin, watan da aka yi aikin, abin da aka wallafa da abin da ya biyo baya: kallo nawa, kira nawa, mutum nawa suka je shagon. Wannan ba ya samuwa sai an shirya shi tun kafin tallan. A roƙi mai shago ya ware lambar waya ɗaya don tallan, ko a ce wa masu kallo duk wanda ya ambaci sunan mai bidiyon za a rage masa wani abu, yaron shago kuma ya riƙa ja layi a littafi. Masu talla ta matsayin WhatsApp su tuna cewa yana gushewa bayan awa 24, don haka a ɗauki hoton adadin waɗanda suka gani kafin ya ɓace. Misali biyu ko uku sun isa, kuma kada a sa sunan mai shago ko maganarsa sai da izininsa. Wanda bai taɓa yi wa kowa talla ba kada ya ƙaga. Ya yi wa tela ko mai gyaran waya na unguwarsu aiki ɗaya a kan rahusa, bisa sharaɗin za a ƙirga sakamakon a ba shi.

Kashi na uku shi ne farashi, kuma a nan ne ake samun mafi yawan suka. Ana cewa a ƙasar da ciniki ke farawa da «albarka», rubuta farashi ɗaure kai ne. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ake gani shi ne wanda bai rubuta ba shi ake tayawa da kuɗin kati. Rubutaccen farashi ba ya hana ciniki, yana kafa inda za a fara ne. A jera abu uku kawai: bidiyo ɗaya, bidiyo uku cikin wata, da matsayin WhatsApp na kwana ɗaya. A gaban kowanne a faɗi abin da kuɗin ya ƙunsa, wato tsawon bidiyon, gyara sau nawa, da wanda zai biya kuɗin mai in za a je ɗauka a Galmi ko Malbaza. A bayyana cewa in kamfani zai ɗauki bidiyon ya sa a nasa shafin, ko ya hana ka yi wa abokin hamayyarsa aiki na wata guda, wannan kuɗi ne daban. A nemi rabi kafin aiki. A rubuta kuɗin da lambobi, domin jika goma sha biyar da ɗan Ƙonni ya fahimta na iya rikita ɗan kasuwar Sakkwato. In za a sa farashin naira, a rubuta ranar da zai daina aiki, tunda sefa na ɗaure da yuro, naira kuwa canjinta na motsi.

Wasu kuma na cewa ƴan kasuwarmu da amana suke aiki, ba da takarda ba, wasunsu ma ba sa karatun boko. Haka ne, Alhajin da ya san mahaifinka ba zai nemi takarda ba. Amma mai yanke shawarar talla a Yamai ko Maraɗi bai san mahaifin kowa ba, kuma shi ma akwai wanda zai nuna wa dalilin kashe kuɗin. Takardar ce ke shiga ofishin da kai ba za ka shiga ba. A yi ta iri biyu, ta Hausa da ta Faransanci, a tura a matsayin fayil na PDF domin WhatsApp na rage ingancin hoto har ƙananan lambobi su dushe. Ga wanda karatu ke yi wa wuya, a haɗa da saƙon murya na minti ɗaya mai faɗin abin da ke ciki. Dalilin tsayawa a shafi ɗaya ma shi ne a waya za a duba shi, a tsaye, tsakanin abokan ciniki biyu.

Abin takaici ne yadda ake tara matasa ana yi musu jawabi kan dogaro da kai ta hanyar fasahar zamani, amma da wuya a zauna da su a koya musu karanta lissafin da ke cikin wayarsu. Gidajen rediyon al'umma ma, da ke tura jerin farashi kawai, za su amfana in sun ƙara garuruwan da muryarsu ke kaiwa da yawan masu kira a kowane shiri. Ga matashin da ke shirin kashe kuɗinsa a sayen mabiya, shawara ita ce ya riƙe kuɗinsa, ya buɗe lissafin bidiyonsa goma na ƙarshe, ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, ya kuma sabunta shafin duk bayan wata uku. Mai tallan da ya tarar da abin da aka rubuta masa daidai ne zai dawo, kuma shi zai kawo na biyu.